Ciwon Ɓarin Kai: Yadda Wata 'Yar'uwa Ta Rubuta wa Maigidanta na Aiki

A unguwar Sukra da ke nan Sabha akwai wata 'yar'uwarmu mai aikin buga takardu da kwamfuta a wani ofis. Sau uku ko huɗu a wata ciwon ɓarin kai, wanda Larabawa ke kira shaƙiƙa, yakan kwantar da ita. Manajan kuwa ya fara ɗaukar abin a matsayin lalaci, har ya yi zancen yanke mata albashi. Mu baƙi mun san abin da wannan ke nufi.

Da muka zauna da ita, ba mu fara da rubuta wasiƙa ba. Mun ce ta samu ɗan littafi, ta yi wata biyu tana rubuta ranar da ciwon ya zo, da awoyin da ya yi, da abin da ya gabace shi. Sai ga shi fili: yawanci yakan taso ne bayan ta yi awa uku a gaban kwamfuta ba ta ɗaga ba, musamman ranar da iskar gibli ke kaɗawa ko ba ta karya kumallo ba. Wannan littafi ta kai wa likita, ya ba ta takarda.

Wasiƙar da Larabci aka yi ta, shafi ɗaya tak. Bayan gaisuwa ta bayyana cewa ciwon yakan kama gefe ɗaya na kai, da tashin zuciya, da ƙin haske da hayaniya, kuma in ba a tare shi ba yana iya kaiwa daga awa 4 zuwa 72. Ta ce kafin ya zo takan ga walƙiya-walƙiya a idonta na kamar minti 20. Nan ne ƙashin bayan maganar, domin wanda ya sha magani ya kuma keɓe tun ciwon yana farawa ya fi samun sauƙi a kan wanda ya daure sai ya yi tsanani.

Saboda haka abu uku ta roƙa. Ta riƙa barin kwamfuta minti 10 bayan kowace awa, tana aikin fayil. A juya teburinta daga taga, a rage hasken kwamfutar. In walƙiyar ta fara, a bar ta ta shiga ɗakin ajiya mai duhu na rabin awa, ta biya lokacin da yamma. Ta nemi a gwada wata ɗaya a gani.

Mun hana ta rubuta cewa da haka ciwon zai rabu da ita, don ba zai rabu ba, raguwa kawai ake fata. Likitan ma ya ja mata kunne: shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana jawo ciwon kai.

Manajan ya amince da biyun farko. Maganar ɗakin ajiya ya ce sai ya tuntuɓi mai kamfanin, ita kuma ta adana kwafin wasiƙar mai ɗauke da sa hannunsa da kwanan wata.