Yadda Ake Gina Tallar Minti Uku da Za a Kalla Har Ƙarshe

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyo a YouTube ya san cewa bayan daƙiƙa 5 da fara talla, ɗan maɓallin Skip zai bayyana a gefe, kuma yatsan yawancinmu a shirye yake. Tallar minti uku daƙiƙa 180 ce. Ke nan mai talla yana roƙon mutum ya ba shi sauran daƙiƙa 175 da son ransa, alhali ƙofar fita a buɗe take. Kuɗi da kyawun kyamara ba sa sayen wannan haƙuri. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne labari mai tsari, wanda kowane sashensa ke jefa tambaya a zuciya, sashe na gaba ya amsa ta.

Sassan guda huɗu ne: jan hankali, matsala, mafita, sai kira na ƙarshe da ke gaya wa mai kallo abin da zai yi. Tsarin ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Mai magani da ke kafa lasifika a bakin tasha da wasa yake fara tara jama'a, sannan ya zayyana ciwo har mai sauraro ya ji kamar shi ake nufi, sai ya ɗaga kwalba, daga ƙarshe ya ce a matso a saya kafin mota ta tashi. Bambancin kawai, mai tallar bidiyo ba ya ganin fuskar jama'arsa, don haka tun a takarda zai auna inda za su gaji.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce wani ɗan kasuwa yana sayar da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, kuma manoman rani na fadamar Haɗeja yake son ya kai wa. Irin wannan kaya shi ya cancanci minti uku, domin yana da tsada, sabo ne ga mutane da yawa, kuma babu mai sayensa sai an yi masa bayani. Mai sayar da sabulu ko lemon kwalba daƙiƙa 30 ta ishe shi. Rabon lokacin da ya dace da injin shi ne kamar haka: daƙiƙa 10 na jan hankali, 60 na matsala, 80 na mafita, 30 na kira.

Daƙiƙa goman farko

Kuskuren da ya fi yawa a tallace-tallacenmu shi ne farawa da tambarin kamfani yana juyi a kan allo, da kiɗa, da doguwar sallama, da "muna farin cikin gabatar muku". Kafin a gama wannan, mai kallo ya wuce. Sunan kamfani ba ya nufin komai ga wanda bai riga ya damu da abin da ake sayarwa ba.

A tallarmu, hoton farko shi ne hannun manomi, mu kira shi Malam Audu, yana jan igiyar injin fetur. Ya ja sau ɗaya, bai tashi ba. Ya sake ja. Ya buɗe tanki ya leƙa, ya girgiza jarka, ba ko ɗigo. Sai yaronsa ya ce, "Baba, tumatirin ya fara kwanciya." Shi ke nan. Ba a ambaci kaya ba, ba a ambaci kamfani ba, amma duk manomin rani ya ga kansa, kuma tambaya ta shiga ransa: yaya mutumin nan zai yi?

Sharuɗɗa biyu ne a nan. Na ɗaya, a fahimci hoton ko da babu sauti, domin mutane da dama suna ganin bidiyo a waya ne cikin jama'a da murya a kashe. Na biyu, abin jan hankalin ya fito daga cikin matsalar kanta. Idan aka buɗe da barkwancin wani ɗan wasan Kannywood wanda bai shafi ban ruwa ba, za a tara masu neman dariya, su watse da zarar an fara maganar inji.

Minti guda na matsala

Nan ne zuciyar tallar, kuma nan ne masu kaya suka fi yin rowa. Ɗan kasuwa yana ɗokin nuna hajarsa, sai ya taɓa matsalar da jimla ɗaya ya tsallake. To amma mafita ba ta da daraja sai gwargwadon nauyin matsalar da mai kallo ya ji.

Matsala ɗaya tak ake ɗauka. Injin fetur yana da ƙara, yana hayaƙi, yana yawan zuwa wurin bakanike, amma abin da ke hana manomi barci shi ne kuɗin mai, musamman tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023. Saboda haka a tsaya a kan mai, a bar sauran. A bi Malam Audu a kan babur zuwa wurin 'yan bumburutu, a nuna yana ƙirga kuɗi, yana mayar da wasu aljihu, ya ce a zuba masa rabin jarka. A dawo gona a nuna fangali biyu sun sha ruwa, uku sun bushe har ƙasa ta tsattsage. Sannan a bar shi ya yi magana da bakinsa: lita nawa yake ƙonawa a duk ban ruwa, sau nawa a mako, da abin da ya rage masa bayan ya sayar da kwandunan bara.

Waɗannan alƙaluma daga bakin manomi na gaskiya ya kamata su fito, kada marubuci ya ƙirƙire su a ofis. Manomi ya fi kowa sanin lissafin gonarsa, kuma da ya ji adadin da bai yi daidai ba zai daina yarda da duk abin da ya biyo baya. Haka nan a kiyaye mutuncin mai matsalar. Malam Audu ƙwararren manomi ne da tsada ta matse, ba abin tausayi ba. Babu wanda ke son ya ga kansa a jikin mutumin da aka wulaƙanta.

Sashen ya ƙare a kan gaɓa mafi tsanani, inda yake tunanin rage gonar zuwa rabi. A wannan lokaci mai kallo da kansa ya fara neman mafita, kuma sai yanzu kayan suka sami izinin fitowa.

Daƙiƙa tamanin na mafita

Hanya mafi kyau ta shigo da kaya ita ce ta cikin labarin. Malam Audu ya wuce gonar maƙwabcinsa da hantsi, ya ga ruwa na kwarara amma babu ƙarar inji. Ya tsaya ya ce, "Malam, wai da me kake ja?" Maƙwabcin ya nuna masa farantan sola a jingine suna fuskantar rana. A nan ne sunan kayan zai fito karon farko, wajen daƙiƙa ta 75.

Daga nan a raba lokacin gida uku. Da farko a nuna yadda yake aiki, a hoto guda ba tare da yanka ba: a jona waya, a jefa mesa cikin ruwa, a kunna, ruwa ya ɓulɓulo. Hoton da ba a yanka ba hujja ne da ya fi kowane yabo ƙarfi. Na biyu, shaida: maƙwabcin ya faɗi tun yaushe rabonsa da sayen mai. Na uku, a amsa shakkun da ke zuciyar mai kallo tun kafin ya furta su. Manomi zai tambaya, idan hazo ya sauko fa? Idan ya lalace wa zai gyara? Amsa ta gaskiya ita ce ƙarfin injin yana raguwa a ranar hazo mai kauri, ana goge ƙurar farantan a kai a kai, kuma idan ba shi da batir ba ya aiki da dare. Idan irin wanda ake ajiyewa a bakin rijiya ne, a faɗa cewa ba ya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce kimanin mita 7 zuwa 8. Faɗin iyakar kaya yana sa a yarda da sauran maganar, yana kuma rage masu dawo da kaya cikin fushi.

A guji jero siffofi goma na injin. Kowace siffa da aka ambata sai ta koma ga matsalar da aka gina, wato kuɗin mai. A guji kuma alkawarin da ba a iya tabbatarwa, irin su "zai ninka maka amfanin gona". A Najeriya hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke da alhakin tantance talla kafin a sake ta, kuma idan abinci ne ko magani sai da amincewar NAFDAC.

Rabin minti na kira

Talla da yawa suna yin komai daidai, sai su mutu a nan da "sai kun zo" ko "a neme mu a dukkan shafukanmu". Wasu kuma su jero lambobin waya huɗu da adireshi uku cikin daƙiƙa biyar. Mutumin da aka ba zaɓi bakwai ba ya ɗaukar ko ɗaya.

Mataki ɗaya ake nema, kuma ya zama mai sauƙi. Babu manomin da zai sayi inji mai tsada daga kallon bidiyo, amma zai yarda ya je ya gani da idonsa. Don haka kiran ya zama: "Kira wannan lamba, mu zo mu gwada maka a gonarka kafin ka biya ko sisi." Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce, a karanta ta sau biyu a natse, a bar ta a kan allo da manyan baƙaƙe har tallar ta ƙare. A ba da dalilin hanzari na gaskiya, misali cewa lokacin dashen tumatir ya ƙarato, maimakon ƙaryar "saura guda biyar".

Yadda za a gane inda ta gaza

Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, a karanta rubutun da ƙarfi da agogo a hannu. Idan magana ta cinye daƙiƙa 180 gaba ɗaya, ta yi yawa, domin hoton ruwa yana shiga fangali yana buƙatar shiru. Bayan an haɗa, a nuna wa manoma biyar da ba su san kayan ba, a tambaye su abu biyu: mene ne damuwar mutumin nan, kuma me aka ce ka yi? Idan amsoshinsu suka bambanta, akwai gyara.

Bayan an sake ta, shafin YouTube Studio yana nuna layin Audience retention, wanda ke bayyana inda mutane ke ficewa. Idan layin ya rufta tun daƙiƙun farko, jan hankalin ne bai kama ba. Idan ya zube daidai lokacin da kayan suka fito, an yi tsalle daga labari zuwa kasuwanci ba tare da gada ba. Idan kuwa an kalla har ƙarshe amma waya ba ta yi ƙara ba, laifin kiran ne, ko dai ya yi nauyi ko bai fito fili ba. Ware wa tallar lambar waya tata ta daban, domin ka san kowane kira daga ina ya zo, sannan ka gyara sashen da ya gaza shi kaɗai ka sake gwadawa.