Kada ku bar bil ɗin ƙiyasi ya kwana a aljihu

Jama'a, duk wanda aka kawo wa takardar kuɗin wuta ya ga adadin ya zarce abin da gidansa ke sha, ya rubuta ƙorafi a wannan makon. Da yawa daga cikinmu mukan biya abin da ya sawwaƙa mu yi shiru, ko mu sallami masu tsani da ɗan na goro idan sun zo yanka. Ragowar kuɗin tana nan a rubuce, tana taruwa wata bayan wata da sunan bashi. Ranar da aka sa muku mita mai kati, bashin zai biyo ku, a riƙa zaftare shi duk lokacin da kuka sayi wuta. A lokacin kuwa gardama ta yi wuya, don babu takardar da ke nuna kun taɓa musantawa.

Ku fara da lissafin gidanku. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Mu ɗauki gida mai ƙwai shida masu wat 10 da ke kunne awa shida, wat 360 ke nan. Fanka biyu masu wat 70 na awa takwas, 1,120. Firji mai wat 150 da injinsa ke aiki awa takwas, 1,200. Talabijin mai wat 80 na awa huɗu, 320. Jimla 3,000, wato yunit 3 a rana, 90 a wata, idan ma kullum an kawo wutar. To sai bil ya zo da yunit 310. Idan muka ƙaddara kowane yunit naira 60 ne, gidan ya sha wutar naira 5,400 amma ana nemansa da 18,600. Wata shida aka yi shiru, bashin da ba a ci ba ya kai naira 79,200.

Mai mita ya gwada lambar da ke fuskarta da wadda aka rubuta a bil. Idan ta bil ta wuce ta mita, ba wanda ya zo ya karanta, kintata aka yi. Ku ɗauki hoton mitar yau, ku sake ɗauka bayan mako guda. Sannan ku kashe komai na gidan ku tsaya ku duba: in har tana ci gaba da ƙirga, ko dai ta lalace, ko wani ya ja waya ta bayanku, ko wuta na zurarewa a wayoyin gidan. Wannan na ƙarshen gyaransa na wuyanku, don haka ku kira mai gyaran wuta ya duba. Amma don Allah kada kowa ya ɓalle hatimin mita ko ya yi mata zagaye saboda haushi. Da zarar an kama ku, tara ce, kuma ƙorafinku ya mutu.

Doka tana bayanku. Tun watan Fabrairun 2020 hukumar NERC ta ƙayyade iyakar yunit ɗin da za a iya ɗora wa marar mita, gwargwadon yankinsa. Idan mita ta lalace kamfani bai canza ta cikin kwanakin aiki biyu ba, matsakaicin abin da aka sha a watanni uku na baya ya kamata a caja. A Fabrairun 2024 hukumar ta ci kamfanonin rarraba wuta tarar naira biliyan 10.5 saboda tsallake wannan iyaka.

Takardar ƙorafin ba ta bukatar tsawo. Bayan suna, adireshi, lambar asusu da ta mita, ku rubuta kamar haka: "Bil ɗin watan jiya ya nuna yunit 310, alhali kayan gidana ba sa shan fiye da 90. Ina neman a turo ma'aikaci ya karanta mitar ya gwada lafiyarta a gabana, a gyara bil ɗin, a cire rarar daga asusuna." Ku haɗa da hotunan, da kwafin bil uku na baya da rasitansu, ku kai sashen ƙorafin abokan hulɗa na kamfanin. Kada ku fito sai an buga wa kwafinku hatimi da kwanan wata. Maganar baki da ɗan rabon bil a ƙofar gida ba ta shiga kowane fayil.

Ku ci gaba da biyan daidai bil na ƙarshe da ba ku da ja a kansa, kuna adana rasit, don kada a sami hujjar yanke muku wuta. Idan kwanakin aiki 15 suka cika babu gyara, ku ɗauki kwafin nan mai hatimi zuwa ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ke kula da jiharku, ko hukumar lantarki ta jiha inda ta karɓi wannan aikin. Maƙwabtan da ke kan taransifoma ɗaya da ku su ma su duba nasu bil ɗin yau, kowa ya shigar da takardarsa da lambar asusunsa.