Igamar da Ta Mutu Mai Ita Bai Sani Ba

Kusan kowane mako ma'aikatar cikin gida ta Saudiyya takan fitar da sanarwar yawan mutanen da aka kama, dubbai ne, ta kasa su gida uku: masu karya dokar zama, masu karya dokar aiki, da masu tsallaka iyaka. Lokaci zuwa lokaci kuma sai mu ji jirgi ya sauke 'yan'uwanmu a filin jirgin Malam Aminu Kano. Da zarar labarin ya iso majalisa, hukunci ɗaya ake yankewa: ai takari ne, sun je Umara sun maƙale. Akwai irin waɗannan, ba musu. Amma a ƙarƙashin wannan kalma ta "karya dokar zama" har da mutumin da ya shiga ƙasar da bizar aiki, ya dangwala yatsa a filin jirgi, yana da kafili, yana karɓar albashi ta banki, sai dai takardarsa ta mutu a hannun wani, shi ko labari bai ji ba.

Takardar ita ce igama. Kafili ne ke sabunta ta, ta intanet, kuma kafin hukumar Jawazat ta amince sai an cika wasu sharuɗɗa: inshorar lafiya mai rai, lasisin aiki daga ma'aikatar ƙwadago, fasfo da bai mutu ba, da biyan tarar hanya idan akwai. Wannan kowa da ke can ya sani. Abin da sabon zuwa bai cika sani ba shi ne, tun 2015 aka koma katin da ba a buga ranar mutuwar igama a jikinsa. Katin na aljihunka sumul, hotonka na kallonka, alhali a na'urar gwamnati an riga an rubuta cewa wa'adinka ya cika.

Bari mu bi labarin mutum ɗaya, irin wanda duk wanda ya zauna da ma'aikatanmu na can ya ji makamancinsa. Mai walda ne daga wani ƙauye a ƙasar Kano, yana aiki a Dammam da wani ƙaramin kamfanin gine-gine da ke karɓar kwangila daga hannun manya. Shekararsa ta farko ta wuce lafiya. Da lokacin sabuntawa ya zo, ma'aikacin ofis da ke kula da takardu ya ce masa an gama, shi kuwa ya yi godiya ya koma bakin aikinsa, a ransa ya samu wata shekarar cur. Bai tambayi na wata nawa aka yi ba, domin bai san akwai wannan tambayar ba.

Tun 2021 aka ba kamfanoni damar sabunta igama na wata uku, ko shida, ko tara, ko shekara. Dalilin kuɗi ne. Kamfanin da baƙin ma'aikatansa suka fi 'yan ƙasa yawa yana biyan riyal 800 duk wata a kan kowane baƙo, wato 9,600 a shekara, ga riyal 650 na igamar kanta, ga inshora. Mutum ɗaya ya haura dubu goma kenan. Ɗan kwangilar da manya suka riƙe wa kuɗi, yana da ma'aikata talatin, sai ya ga sauƙin ya biya 2,400 na wata uku a kan kowa, ya jira abin da hali zai yi. Haka aka yi wa mai waldar nan. Kafin wata ukun su cika, mai kula da takardun ya bar aiki, ba a ɗauki wani ba. Saƙon gargaɗi kuwa, in ma an turo, ya tafi kan wani tsohon layin waya da mutumin ya jefar tun da ya samu mai arhar data.

Babu abin da ya canza a rayuwarsa. Motar kamfani na ɗaukarsa da asuba, albashi na shigowa, yana tura wa gida. Sai ranar da ya je sabunta katin shiga babban wurin aikin. Mai gadi ya buga lambar igamarsa, ya ɗago kai, ya juyo masa da allon kwamfuta, ya ce da shi kalma ɗaya da Larabci, muntahiya, wato ta ƙare. Ya ciro katin yana nunawa, mai gadi ko kallonsa bai yi ba. An kusa wata biyu da mutuwarta. Abokan aikinsa suka shige, shi ya tsaya a bakin ƙofa da hular kwano a hannu yana jiran motar da za ta mayar da shi masauki.

Fomansa ya ce ya je ya huta har a gyara, amma ya sani babban kamfanin ba zai bar gurbin mai walda a buɗe ba, in mako ya wuce za a kawo wani. A nan ne ya kusa yin kuskuren da ya ci mutane da yawa. Tsoron 'yan sanda ya sa ya kulle kansa a ɗaki. Wani dattijo Banijare da ya daɗe a ƙasar ne ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce, "Ɗana, kwanciyar nan ita za ta kore ka. Wa ya ba ka hutun a rubuce?" Dattijon ya san abin da yake faɗa. Sashe na 80 na dokar ƙwadago ya ba mai aiki damar sallamar ma'aikaci ba tare da haƙƙin ƙarshen aiki ba idan ya yi fashin fiye da kwana 15 a jere babu uzuri, bayan an yi masa gargaɗi a rubuce. Sannan ga abin da ake kira hurub, inda kafili ke kai rahoton cewa ma'aikacinsa ya daina zuwa aiki. Kafilin da bashi ya yi wa katutu, wanda ke neman rage kai, me ya fi masa sauƙi fiye da ma'aikacin da ya ɓace da kansa?

Daga ranar ya riƙa bin motar kamfani zuwa ofis kowace safiya, ya sa hannu a rajista, ya zauna. Aka rubuta masa gajeren saƙo da Larabci ya tura wa manaja ta waya: ga ranar da igamata ta ƙare, ga ranar da aka hana ni shiga, ina nan a shirye nake in yi aiki. Manaja ya fara da cewa to ya kawo riyal 500 na tarar jinkiri, ko a cire a albashinsa. Tarar gaskiya ce, 500 a karon farko, 1,000 a na biyu. Amma sashe na 40 na dokar ya fito fili cewa kuɗin igama da na lasisin aiki da na sabunta su, har da tarar da jinkiri ya jawo, duk a wuyan mai aiki suke. Abu ɗaya ne ya zama nasa: tarar hanya ta wata rana da ya ari mota, wadda ke rataye a lambarsa tana tare sabuntawar. Ya biya ta a ranar.

Abin da ya motsa manaja shi ne gyaran dokar da ya fara aiki ranar 14 ga Maris, 2021. A ƙarƙashinsa, ma'aikacin kamfani da igamarsa ko lasisin aikinsa ya mutu kafili bai sabunta ba yana iya komawa wani kamfanin ba tare da yardar kafilin ba, matuƙar sabon ya tura masa tayi ta manhajar Qiwa. Mai walda gwani ba ya rasa mai so a Dammam. Da ya nuna wa manaja cewa wani ɗan kwangila a shirye yake ya turo tayi, lissafi ya canza. Aka biya inshora, aka biya lasisin aiki, aka biya tara, igama ta fito, wannan karon na wata shida. Ya koma bakin ƙarfensa saura ƙiris a mayar da gurbinsa. Da an ƙara wata guda a haka, da banki ya toshe asusunsa, domin bankunan ƙasar na daskarar da asusun baƙon da igamarsa ta daɗe da mutuwa.

Shi ya tsira don ma'aikacin kamfani ne. Wancan gyaran bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya da ma'aikatan gona ba, kuma a nan ne da yawa daga cikin mutanenmu suke, musamman mata. Yarinyar da ke cikin gida, wayarta ma wani lokacin a hannun uwar ɗakinta take, ta ina za ta san ranar da igamarta ta mutu?

Wannan ya kawo ni ga abin da ya daɗe yana ci mini rai. Hausawa ba baƙi ba ne a waccan ƙasa. Kakanninmu sun taka da ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu su yi shekaru suna noma a hanya kafin su tsallaka Bahar Maliya daga Suwakin. Bayan faɗuwar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya kai jama'a har bakin kogin Nilu, garin da suka kafa na nan da sunansa. A Makka da Madina da Jidda akwai gidaje 'yan ƙasa masu laƙabin Hausawi, har tsohon kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafar Saudiyya, Usama Hausawi, daga cikinsu ya fito. Wannan tsohuwar hanya ta bar mana wata ɗabi'a: mutum ya isa, ya nemi ɗan garinsu, a ba shi tabarma, a haɗa shi da mai gida, magana ta baki ta wadatar. Ɗabi'ar ta yi wa kakanninmu aiki. Yanzu kuwa na'ura ce ke riƙe da sunanka, ita ba ta san kana da mutumci a unguwa ba, kuma layin wayarka da asusunka da ƙofar wurin aikinka duk a kan lamba ɗaya suke rataye. Mun riƙe ilimin tafiyar ƙafa, mun ƙi koyon na zamanin da muke ciki.

Masu harkar biza a Kano da Katsina da Maraɗi sun fi kowa laifi a wannan. Mutum ya sayar da gona ya ba eja kuɗi, eja ya raka shi har filin jirgi, amma ba zai ɓata rabin awa ya nuna masa yadda ake buɗe manhajar Absher ba. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ita ke ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata lasisi. Me ya hana ta sa sharaɗin cewa kowane mai tafiya sai an ba shi takarda shafi ɗaya da Hausa, da boko da ajami, mai bayanin wa ke biyan me? Hukumar NiDCOM da ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda sukan bayyana idan an tara mutane a Shumaisi ana shirin tarhil. Zuwan nasu a lokacin yana da amfani, amma saƙon murya na minti uku da Hausa, da zai zaga wayoyin ma'aikata, zai rage musu wannan zirga-zirgar.

Kai da ke da ɗa ko ƙanwa ko miji a can, idan kun yi waya yau, bayan gaisuwa ka tambaye shi ranar da igamarsa za ta ƙare. In ya ce kafili ya ce an yi, ka ce ya buɗe Absher ya karanto maka ranar da idonsa, ya duba ko layin da ke hannunsa ne a rajista, ya kuma fara tuna wa ofis tun saura wata guda, a rubuce. In kafili ya ƙi, lambar ma'aikatar ƙwadagon Saudiyya ta kai ƙorafi ita ce 19911.