Kasafin Farko: Yadda Ƙaramar Ƙungiya Za Ta Raba Kuɗinta Gida-Gida

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙarshen shekara na ƙungiyar unguwa ya san inda rigima take somawa. Ma'aji ya miƙe yana karanta abin da aka kashe, kowa ya yi shiru, har ya iso layin da aka rubuta "sauran abubuwa", a ji kuɗin da ke wurin sun kusa rabin abin da aka tara. Nan take wani dattijo zai ɗaga hannu ya ce, "Malam Ma'aji, waɗanne ne sauran abubuwan?" Sau da yawa ma'ajin bai ci ko sisi ba. Tun farkon shekara ne ba a yanka wa kuɗin gidajen da za su shiga ba, shi ya sa duk abin da ya rasa wurin zama aka tura shi can.

Mu ɗauki misali. A ce ƙungiyar ci gaban unguwa ce mai mutum 60, kowa yana biyan naira 1,000 a wata, tana da rijiyar burtsatse da ake sayar da ruwanta, tana yashe kwata kafin damina, tana kuma kai gudummawa idan an yi rashi ko an kwantar da wani a asibiti. Yau tana son rubuta kasafin shekara a karon farko.

Kada a je a aro jerin wata babbar ƙungiya a kwafa. Jerin da zai yi muku aiki yana cikin littafin ma'ajinku. A tattaro rasit da guntayen takardu da saƙonnin banki na watannin baya, a baje su a tabarma, a riƙa haɗa masu kama da juna. Tarin da suka fito su ne rukunanku. Ƙungiya irin wannan da wuya ta wuce rukuni biyar ko shida.

Ta ɓangaren shiga, a raba kuɗi bisa yadda ake da tabbacin zuwansu. Kuɗin wata layi ne guda, amma ba naira 720,000 za a rubuta ba don kawai mambobi 60 ne. Idan littafi ya nuna mutum 45 ne ke biya a kai a kai, 540,000 za a sa. Kuɗin ruwa layi na biyu, a ce 20,000 a wata, wato 240,000. Tarar makara da ta fashin taro a ba ta layinta, amma a bar shi ba adadi, domin bai kamata ƙungiya ta dogara da laifin 'ya'yanta ba. Abin da ake da iko da shi ke nan naira 780,000.

Akwai wani kuɗin da ba ya shiga wannan jimla sam. Idan 'yan unguwa mazauna Legas ko Abuja suka aiko da 200,000 suka ce a yi kwalbati, wannan amana ce. Tana da shafinta daban, shigarta da fitarta, kuma ba a ranta daga ciki don sayen fetur da niyyar za a mayar. Haka zakka ko abin da aka bayar da sunan marayu. Ranar da aka cuɗa amana da kuɗin yau da kullum, asusu zai riƙa nuna ƙungiya tana da kuɗi alhali na mutane ne, kuma ba za a farga ba sai mai siminti ya zo karɓar nasa.

Yanzu kashewa, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Rijiya rukuni ce mai zaman kanta, da layi uku a ƙarƙashinta: fetur 180,000, gyaran inji da famfo 90,000, alawus na mai kula da ita 120,000. Me ya sa uku, ba a dunƙule ba? Domin kowanne da abin da ke motsa shi. Fetur yana bin farashin kasuwa, kuma duk wanda ya ga yadda ya tashi bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ya san layi ne da zai iya ninkawa cikin mako guda. Gyara yakan yi wata biyar bai nemi komai ba, sannan ya zo gaba ɗaya. Alawus kuwa ba ya canzawa sai taro ya canza shi. In an haɗa su, kuɗi suka haura, ba wanda zai iya cewa ga dalili.

Ga abin da wannan rabo ya tona: rijiyar tana cin 390,000, tana kawo 240,000. Giɓin 150,000 daga kuɗin wata ake cike shi. Ƙungiyoyi da yawa ba su taɓa ganin wannan ba, saboda mai kula da rijiya yakan sayi fetur daga cinikin ranar, ya kawo ragowar. A hana wannan. Ciniki ya shiga littafi cikakke, fetur ya fita cikakke. Daga nan mambobi za su iya zaɓa da idonsu a buɗe: a ƙara kuɗin jarka, ko a fara tarin sola, ko a yarda cewa ruwan sadaka ce ƙungiya take yi.

Sauran rukunan ba su da wuya. Yashe kwata 80,000, a rubuta watan da za a kashe su, don kada Mayu ta zo asusu babu komai. Taimakon rashi da asibiti 120,000, tare da ƙa'idar nawa ake bai wa gida ɗaya, in ba haka ba kunya za ta cinye layin kafin rabin shekara. Gudanarwa 90,000, ta ƙunshi ruwan taro da buga takardu da kuɗin mota da kati. A ciki a ware wa cajin banki da na masu POS layi, komai ƙanƙantarsa, domin shi ne ke sa lissafin ma'aji ya ƙi haɗuwa da na banki. Idan ana shirin rajista da hukumar CAC, wannan kashewa ce ta sau ɗaya, a rubuta ta gefe tare da sayen kujeru da makamantansu, don kada a ɗauka kowace shekara haka za a kashe. Sai dai bayan rajista akwai rahoton shekara-shekara da ake kai wa hukumar, shi kam gudanarwa zai shiga.

Saura 100,000. A sa 60,000 a ajiyar ko-ta-kwana, wadda ba a taɓawa sai da amincewar taro. "Sauran abubuwa" ya samu 40,000, kusan kashi 5 cikin ɗari, kuma duk abin da ya bayyana a cikinsa sau uku a fitar da shi a ba shi suna.

Yaya za a gane rabon bai yi ba? Idan ma'aji da sakatare suka ɗauki rasit ɗaya kowa ya kai shi layi daban, sunayen ba su fito sarai ba. A rubuta jimla ɗaya a gaban kowane layi mai faɗin abin da ke shiga cikinsa. Idan layi ya yi wata shida babu motsi kuma ba na damina ko na gyara ba ne, a haɗe shi da maƙwabcinsa. Ban da wannan, kada a sauya sunaye a tsakiyar shekara, domin da su za a gwada baɗi da bana.

Kafin a amince da kasafin, a karanta shi da babbar murya a taro, layi bayan layi. Duk layin da sai an yi wa dattawa dogon bayani kafin su gane shi, a sake masa suna a wurin.