Shanyewar da ke Farawa Daga Ƙafa Bayan Gudawa ko Mura

A watan Janairun 2025 asibitocin birnin Pune da ke jihar Maharashtra ta Indiya suka fara karɓar marasa lafiya masu labari kusan iri ɗaya. Mutum ya yi gudawa ta kwana biyu ko uku, ya warke, ya koma harkokinsa. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ya ji tafin ƙafarsa na tsira-tsira kamar ana tsikararsa da allura, ƙafafu su yi nauyi, hawa matakala ya gagara. Kafin 'yan kwanaki raunin ya hau cinyoyi, ya kama hannuwa, wasu har sai da aka sa musu injin numfashi. Cikin 'yan makonni adadin ya haura mutum 200, wasu kuma suka rasu. Binciken hukumomin lafiya ya karkata ga gurɓataccen ruwan sha a unguwannin da ke kan hanyar Sinhagad, an kuma samu ƙwayar cutar da ake kira Kamfilobakta a bayan gidan wasu daga cikin majinyatan.

Sunan wannan ciwo Guillain-Barré. Likitan Faransa Octave Landry ne ya fara bayyana shanyewar da ke hawa daga ƙasa zuwa sama a 1859. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Georges Guillain da Jean-Alexandre Barré da André Strohl suka duba wasu sojoji biyu da ƙafafunsu suka mutu. Da suka ɗebi ruwan lakarsu sai suka ga furotin ya yi yawa, amma fararen ƙwayoyin jini ba su ƙaru ba. Har gobe likitoci na dogara da wannan gwaji.

Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba kuma gado ba ne. A kowace shekara yakan kama mutum ɗaya ko biyu cikin dubu ɗari, maza sun ɗan fi mata, kuma ya fi yawa idan shekaru suka ja, ko da yake yara ma ba su tsira ba. Kusan biyu cikin uku na masu ciwon sukan tuna cewa sun yi gudawa ko mura ko ciwon maƙogwaro a makonnin da suka gabata.

Abin tambaya shi ne yadda gudawar da ta riga ta wuce za ta kwantar da ƙato. Amsar tana cikin garkuwar jiki.

Daga laka ne jijiyoyin saƙo ke fita su ratsa jiki har zuwa yatsun ƙafa. Kowace jijiya tana kama da wayar lantarki: akwai zare a tsakiya mai ɗaukar saƙo, akwai kuma rufi mai maiƙo da ake kira mayalin wanda ya naɗe shi. Rufin bai tafi a miƙe ba, gaɓa-gaɓa ne, da ɗan tsagi tsakanin kowace gaɓa da ta gaba. Saƙo yakan yi tsalle daga tsagi zuwa tsagi, shi ya sa yake gudun kusan mita 50 zuwa 60 a daƙiƙa ɗaya. A jikin zaren, musamman a wuraren tsagin, akwai wasu sinadarai na kitse da sukari da ake kira gangiliyosayid.

Ita kuwa Kamfilobakta tana zaune a hanjin kaji da shanu da sauran dabbobi, tana shiga mutum ta naman kaza da bai dahu sosai ba, ko madarar da ba a tafasa ba, ko ruwan da kashin dabba ya shiga. Wasu nau'o'inta suna ɗauke da sukari a bayansu wanda ƙirarsa ta yi daidai da ta gangiliyosayid ɗin jijiyar mutum. Idan ƙwayar ta shiga hanji, garkuwar jiki takan ƙera wasu furotin da ake kira antibodi, masu gane siffar ƙwayar su manne mata domin a hallaka ta. Ƙera su kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, wannan ne dalilin tazarar da ake gani tsakanin gudawa da raunin ƙafa. Sa'ad da suka cika jini, ƙwayar ta riga ta tafi, amma siffar da suke nema tana nan a jikin jijiya. Sai su manne a tsagin nan, su kira sauran furotin na jini masu huda fatar ƙwayar halitta, sannan manyan fararen ƙwayoyin jini masu cinye datti su biyo baya su kutsa cikin jijiyar. Masanin Japan Nobuhiro Yuki da abokan aikinsa sun tabbatar da haka a 2004: sun yi wa zomaye allurar sukarin bayan Kamfilobakta, zomayen suka ƙera antibodi masu kai wa jijiya hari, ƙafafunsu suka shanye.

Harin yakan zo ta fuska biyu. A Turai da Amurka ta Arewa an fi ganin wanda ake ɓare rufin mayalin, saƙo ya riƙa tafiyar hawainiya ko ya tsaya cak. A arewacin Sin da Bangladesh da wasu sassan Latin Amurka kuwa ana yawan ganin wanda ake taɓa zaren kansa. Likitocin Sin da na Amurka ne suka fito da wannan nau'i fili a farkon shekarun 1990, lokacin da suka bibiyi yaran ƙauyukan lardin Hebei da ke shanyewa duk lokacin zafi.

Bai kamata wannan ya tsorata duk wanda cikinsa ya ɓaci ba. Cikin mutum dubu da suka kamu da Kamfilobakta, kusan ɗaya ne kawai ke samun shanyewar, domin sai nau'in ƙwayar da yanayin garkuwar mutumin sun haɗu. Ba ita kaɗai ce ke tayar da ciwon ba. A ɓarkewar cutar Zika da aka yi a tsibiran Folinisiya ta Faransa tsakanin 2013 da 2014, mutum 42 suka kamu da Guillain-Barré, kuma mura mai tsanani ma tana iya zama sanadi.

A ɗauki misalin magidanci mai nauyin kilo 60 wanda ya yi gudawa kwana goma da suka wuce. Ranar farko yana jin tsira-tsira a yatsun ƙafa da ciwon baya. Rana ta uku takalmin silifa na suɓuce masa bai sani ba, idan ya tsuguna sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Rana ta biyar ba ya iya ɗaure maɓallin riga, kofin shayi na neman faɗuwa daga hannunsa. Jikinsa babu zazzaɓi, hankalinsa garau yake, kuma raunin ya kama dama da hagu daidai wa daida. Idan likita ya buga ƙaramar gudumar roba a ƙasan gwiwarsa, ƙafar ba za ta yi zillo ba. Waɗannan alamu su ne ginshiƙin gane ciwon. Gwajin ruwan laka da awon gudun saƙo a jijiya suna ƙara tabbatarwa, sai dai a makon farko sukan iya fitowa kamar lafiya lau, don haka ƙwararren likita ba ya sallamar mutum saboda gwajin farko bai nuna komai ba.

Haɗarin gaske yana ƙirji. Naman da ke jawo numfashi da jijiya yake aiki kamar na ƙafa, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu ciwon sai an sa masa injin numfashi. Raunin yakan kai ƙarshensa cikin mako biyu ga yawancin mutane, ba ya wuce mako huɗu, amma ga wasu kwana ɗaya ko biyu ya isa. Akwai alamun da mai jinya zai iya lura da su a bakin gado. Majinyacin ya ja dogon numfashi ya ƙirga da baki. Idan ya kasa kaiwa 20 kafin iska ta ƙare masa, ƙirjin ya fara gazawa. Haka kuma idan ya kasa ɗaga kansa daga matashi, ko tarinsa ya zama marar ƙarfi, ko ruwa na sarƙe shi, ko maganarsa ta koma ta hanci. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don awon iskar jini takan nuna komai daidai har sai abu ya yi nisa, saboda haka ba a jiran ta. Ciwon yakan taɓa jijiyoyin da ke sarrafa zuciya ma, bugunta ya yi sama ya yi ƙasa, hawan jini ya tashi ya faɗi cikin sa'a guda. Shi ya sa wanda rauninsa ke ƙaruwa kullum ya kamata ya kasance a asibitin da ke da sashen kulawa ta musamman tun yana numfashi da kansa.

Magani iri biyu ne aka tabbatar suna rage tsawon ciwon, kuma ƙarfinsu ɗaya. Na farko shi ne imunogulobulin, wato antibodin da aka tace daga jinin dubban masu ba da jini, ana ɗura shi ta jijiyar jini domin ya dakushe masu ɓarnar. Ana ba da giram 0.4 ga kowane kilo na nauyin jiki kullum har kwana biyar, ke nan magidancin nan mai kilo 60 zai karɓi giram 24 a rana, jimla giram 120. Na biyu shi ne musanyar ruwan jini, inda na'ura ke fitar da ruwan da ke ɗauke da antibodin a maye gurbinsa, kamar sau biyar cikin mako biyu. Dukansu sun fi amfani idan an fara cikin mako biyun farko. Magungunan sitiroyid, da ake tsammanin za su yi aiki tunda suna danne garkuwar jiki, an gwada su an ga ba sa taimakawa. Tsadar imunogulobulin da ƙarancin injin numfashi ne ke sa mace-mace suka fi yawa a ƙasashe matalauta, alhali inda kayan aiki suka wadata waɗanda ke rasuwa ba sa wuce uku zuwa bakwai cikin ɗari.

Ga iyaye a arewacin Najeriya da Nijar, yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya shan inna yake tuna musu. Akwai bambanci: shan inna yakan zo da zazzaɓi, ya fi kama ƙafa ɗaya, kuma ba ya ɗauke jin taɓi. Amma ba a yanke hukunci da ido. Ko bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, ƙa'idar tana nan: duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki kwatsam a kai rahotonsa, a ɗauki bayan gidansa sau biyu, tsakaninsu aƙalla sa'a 24, cikin kwana 14 da fara raunin. Da yawa daga cikin yaran da gwajin ke wanke su daga shan inna, Guillain-Barré ne ke damunsu.

Warkewa tana zuwa, amma a hankali. Rufin mayalin kan sake toho cikin makonni ko watanni, zaren da ya tsinke kuwa milimita ɗaya yake tsirowa a rana, don haka jijiyar da za ta kai yatsan ƙafa tana iya cin fiye da shekara. Kusan takwas cikin goma na majinyata suna tafiya da ƙafarsu bayan wata shida, sauran na buƙatar sanda ko keke, wasu kuma gajiya da ciwon jijiya kan daɗe tare da su. A tsawon wannan jira, aikin masu jinya shi ne juya majinyaci kowace sa'a biyu don kada ya samu gyambon kwanciya, da lanƙwasa masa gaɓoɓi kullum don kada su ƙage, da ci gaba da zuwa wurin masu gashin ƙashi har ƙarfin da ya fara komawa kafaɗu ya sauka zuwa ƙafafu.