Rabon Lokaci a Jarrabawar CAPM

Jarrabawar CAPM, wadda cibiyar PMI ke shiryawa ga masu fara sana'ar gudanar da ayyuka, tana da tambayoyi 150 cikin minti 180. Kowace tambaya ta tashi a daƙiƙa 72 ke nan. Sai dai an raba ta gida biyu: bayan tambaya ta 75 akwai hutun minti 10, kuma da zarar ɗan jarrabawa ya fita hutun, an kulle kashin farko, ba komawa. Agogo kuwa ɗaya ne ga kashin biyu, don haka duk mintin da aka ɓarnatar da fari, daga rabon kashi na biyu aka yanko shi.

Tsari mai sauƙi shi ne a bai wa kowane kashi minti 90: 80 na amsawa, 10 na bita. Tunda agogon allo saura yake nunawa, ya kamata a ga kimanin minti 153 a tambaya ta 25, 127 a ta 50, 100 a ta 75. Duba agogo a waɗannan wurare ya wadatar. Yawan leƙa shi fargaba kawai yake ƙarawa.

A ce mutum ya kai tambaya ta 50 saura minti 110. Ya ci minti 70, wato daƙiƙa 84 a kowace. In ya ci gaba a haka, ragowar 100 za su buƙaci minti 140, tambayoyi wajen ashirin su tafi ba a taɓa su ba. Gyaran bai kai a firgita ba: ya koma daƙiƙa 66, ya kuma haƙura da bitar baki ɗaya.

Tambayoyin da ke kawo labarin wani yanayi su ne masu cin lokaci. Za a ce wani mai ruwa da tsaki ya nemi a ƙara abu a aikin bayan an amince da tsari, sannan a tambayi abin da manaja zai fara yi. Gara a soma karanta jimlar ƙarshe, domin ita ke nuna ko matakin farko ake nema ko mafi dacewa. Galibi amsoshi biyu kan faɗi nan take, kamar yin aikin ba izini ko ƙin sa kai tsaye. Biyun da suka rage, auna tasirin canjin da miƙa buƙatarsa ga masu amincewa, duka daidai ne, amma aunawa ke zuwa gaba. In an shafe minti biyu ba a tsai da magana ba, karatu na uku da wuya ya kawo sabon abu. Sai a zaɓi ɗaya, a sa mata alama, a wuce, tunda ba a rage maki don kuskure. Ban da haka, 15 daga cikin tambayoyin na gwaji ne, ba su da maki, kuma ba a bambanta su da sauran.

Alamar ma tana da iyaka. Minti 10 ba za su ɗauki bitar tambayoyi ashirin ba. Shida zuwa takwas ne ke samun duba na gaske.