Rahoton Wata: Me Mai Shago Zai Duba?

A ce mai shagon atamfa a Kantin Kwari yana biyan wani matashi ya kula masa da tashar YouTube. Ƙarshen wata yaron ya kawo rahoto: an kalli bidiyo sau dubu ashirin. Madalla, amma wannan adadi shi kaɗai ba ya sayar da turmi ko ɗaya.

Abin da ya kamata Alhaji ya fara tambaya shi ne tsawon lokacin da mutane ke tsayawa. YouTube Studio na nuna wannan a ƙarƙashin Average view duration. Idan bidiyon minti biyar ne, amma matsakaicin kallo daƙiƙa arba'in, to yawancin masu kallo sun tafi kafin a faɗi farashi da lambar waya. Maganin shi ne a dawo da su farkon bidiyo.

Sai a duba inda masu kallon suke. In kallo ya yi tashin gwauron zabi daga ƙasashen da ba a kai musu kaya, kuma babu mai kira, wataƙila sayen kallo aka yi.

Rahoton ba ya ƙirga wanda ya zo shago. Wannan sai yaran shago su riƙa tambayar mai saye inda ya ga kayan, suna rubutawa.